Likita Tana Birni, Mai Jego Tana Ƙauye: Yadda Ake Duba Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Waya

Idan mutum ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibiti, akwai abubuwa uku da ake gamawa tun kafin ya buɗe baki, kuma ba kasafai yake lura da su ba. Na farko, ya miƙa kati, an ɗauko fayil ɗinsa, an san ko wane ne. Na biyu, yana cikin ginin da ke da ma'aikatan jinya da magunguna da gado, ko da wani abu zai taso akwai hannun da zai tare shi. Na uku, an turo ƙofa, daga shi sai likita, ko kuma da wanda ya yarda ya shigo da shi.

Ranar da aka ce ta waya za a yi ganawar, babu kati, babu ma'aikacin jinya, babu ƙofa. Abin da ya rage shi ne murya, wani lokaci da fuska a ɗan ƙaramin allo. Saboda haka likitan da ya san aikinsa ba ya fara kira da tambayar jiki. Yakan ɗauki mintuna biyar na farko ya maido da abubuwan nan uku da bakinsa: da wa nake magana, a ina kake a yanzu, kuma wa ke jin mu? Mara lafiya da danginsa sukan ga kamar ɓata kati ne. A gaskiya waɗannan mintuna su ne ginshiƙin da sauran ganawar ke tsaye a kai.

Dalilin da ya sa ake komawa ga waya

Duba lafiyar ƙwaƙwalwa daga nesa ya girmi wayar salula. A shekarar 1959 wata cibiyar kula da masu taɓin hankali a jihar Nebraska ta Amurka ta fara amfani da talabijin mai kai hoto da murya ta ɓangarori biyu, kuma a 1964 aka haɗa ta da asibitin garin Norfolk mai nisan kimanin kilomita 180. Annobar korona ta 2020 ce ta mayar da abin ruwan dare a duniya. Fannin ya karɓi wannan hanya fiye da wasu fannonin likitanci, domin mafi yawan aikinsa tambaya ce da sauraro da lura.

A Najeriya buƙatar a fili take. Ƙungiyar likitocin fannin ta sha faɗa cewa ƙwararrunta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Akasarinsu kuma suna manyan asibitoci ne, irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da asibitocin koyarwa. Wanda ciwonsa ya lafa, abin da ya rage masa kawai a ji yadda yake a sabunta masa magani, yakan kashe yini guda da kuɗin mota na mutum biyu don ganawar minti ashirin. Da yawa sukan gaji su daina zuwa, ciwon ya dawo. Irin waɗannan ne waya ta fi yi wa rana.

Domin mu ga yadda aikin yake a aikace, bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba labarin wata mata takamaimai ba ne, an haɗa shi ne daga irin abin da ke faruwa. Matashiya ce 'yar shekara 22. Ta taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani, wata likita a Kano ta gan ta ido da ido, ta ɗora ta a kan maganin amitiriftilin da take sha da dare. Yanzu ta yi haihuwar fari, an sa mata ranar ganawa ta bidiyo mako uku bayan haihuwa, da ƙarfe 11 na safe.

Tambaya ta farko: da wa nake magana?

Likita ta kira lambar da ke cikin fayil, sai namiji ya ɗauka. Mijin ne. A nan ake fara yin kuskure, domin sauƙin abu shi ne ta ce ita likitar ƙwaƙwalwa ce daga asibiti kaza tana neman wance. Amma ba ta da tabbacin ko mijin ne ko abokinsa ko mai cajin waya. Kamfanonin waya ma sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, ta yadda lambar bara tana iya zama ta baƙo a bana. Sai ta faɗi sunanta kawai, ta ce daga asibiti ne. Da ya tabbatar mata da sunansa, ta duba fayil ta ga shi ne wanda matar ta rubuta da kanta cewa an yarda a yi magana da shi. Ya ce ai ta tafi wankan gida, ya ba da lambar ƙaninta.

Da aka kira ƙanin, mace ta karɓa ta ce ita ce. Likita ba ta tsaya nan ba. Ƙa'idar asibiti ita ce a tabbatar da mutum da shaida biyu aƙalla, kuma shi zai faɗa, ba likita ce za ta karanto masa ya ce e ba. Suna kaɗai ba ya isa, domin a rana ɗaya ana iya samun mata uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a layin asibiti. Ranar haihuwa ma ba kowa ya riƙe tasa ba. Abin da ya fi aiki a wurinmu shi ne lambar katin asibiti, sai katin ɗan ƙasa ko na zaɓe da za a ɗaga a gaban kyamara a gwada da fuska. Da likita ta ce a kunna bidiyo a nuna kati, sai aka yi dariya aka ce yayarta ce, ta karɓa ne don mai jego tana shayarwa. Ba da mugun nufi ta yi ba, haka muka saba, babba yakan amsa a madadin ƙarami. Amma da an ci gaba, da an rubuta amsoshin yaya a fayil ɗin ƙanwa.

Akwai wani dalilin kuma. Wasu magungunan fannin, irin su diyazefam da benzekzol, masu shaye-shaye suna neman su. Wanda ya tsinci katin ɗan'uwansa yana iya kira da sunansa don a rubuta masa. Likitan da ke tura takardar irin waɗannan magunguna ga muryar da bai tantance ba yana zuba wa wuta fetur ne.

Tantancewar nan ta ɓangare biyu ce. Mara lafiya yana da haƙƙin ya tambayi cikakken sunan likita, da asibitin da yake aiki, da lambar rajistarsa a Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Idan kiran ya zo daga baƙuwar lamba, a kashe a kira lambar asibitin da aka sani a tambaya. Likitan gaske ba ya neman lambar sirrin da aka turo ta saƙon tes, kuma duk wanda ya ce sai an tura kuɗi asusunsa zai aiko da wani magani na musamman, abin a yi taka-tsantsan da shi ne.

Tambaya ta biyu: a ina kike a yanzu?

Adireshin da ke cikin fayil na gidan miji ne. Mai jego kuwa tana ƙauyen iyayenta, a wata ƙaramar hukumar daban. Wannan shi ya sa ake maimaita tambayar wuri a kowace ganawa, ko da ta goma ce. Mutanenmu masu motsi ne: wankan gida, cirani, biki, zaman makoki, gudun hijira. A shekarar 2018 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da ƙungiyar masu likitanci daga nesa ta ƙasar sun fitar da ƙa'idojin haɗin gwiwa, kuma daga cikin abin da suka jaddada akwai tabbatar da inda mara lafiya yake, da sanin hanyoyin agajin gaggawa na wurin, da samun wani mutum na kusa da za a iya kira.

A ƙauye babu lambar gida, don haka kwatance ake rubutawa. Likita ta tambaya ta rubuta: sunan ƙauye, sunan maigidan da aka san gidan da shi, bayan masallacin Juma'a, kusa da injin niƙa. Sannan ta tambayi asibiti mafi kusa da ke aiki da dare. Asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen yana rufewa da la'asar, babban asibiti kuma tafiyar minti arba'in ce a mashin. Wa ke da abin hawa idan dare ya yi? Kawunta yana da mota, gidansa na uku daga nasu. Daga nan ta nemi abu mafi muhimmanci, wato mutum ɗaya da mai jego ta zaɓa da kanta, wanda zai iya isowa gare ta cikin mintuna, kuma yake da waya dabam da wadda ake magana da ita. Ta zaɓi mahaifiyarta. Tsohuwar ba ta da waya, sai aka rubuta lambar kawun a matsayin ta biyu.

Wani zai ce ai akwai lambar gaggawa ta 112. Akwai, amma kiran yakan tafi cibiyar da ke kusa da mai kira ne. Likitan da ke Kano idan ya danna ta, ba cibiyar jihar da mara lafiya yake zai samu ba. Kuma a ƙauyuka da dama motar maƙwabci za ta riga kowace motar asibiti isowa. Idan mara lafiya ya tsallaka iyaka, yana Maraɗi ko Jidda, lamarin ya ƙara nauyi: lambobin gaggawa daban ne, takardar maganin Najeriya ba lalle kemis ɗin can ya karɓa ba, kuma lasisin likita na ƙasar da ta ba shi ne. Wanda ya yi zaman nesa mai tsawo ya fi dacewa ya sami likita a inda yake.

Abu na ƙarshe a wannan shiri shi ne yarjejeniya a kan yankewar layi. Likita ta ce: “Idan kira ya katse, kada ki kira, ni zan kira sau biyu. In ban same ki ba, kuma muna cikin magana mai nauyi, zan kira Kawu. Kin yarda?” Ta yarda. Har ila yau ana rubuta wa mara lafiya a takarda inda zai je idan babu sabis gaba ɗaya. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar na tsawon makonni. Shirin da ya dogara da waya kaɗai ya rushe ke nan a irin wannan rana. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Tambaya ta uku: wa ke jin mu?

A allo likita tana ganin fuskar mai jego kawai, amma tana jin motsin kwanuka da muryoyin 'yan barka. Ta lura amsoshin gajeru ne, kuma idon matar yana yawan zuwa gefe ɗaya. Waɗannan su ne alamun cewa akwai wani a bayan kyamara. Maimakon ta ce wa ke wurin, tambayar da za ta sa matar a tsaka mai wuya, sai ta koma tambayoyin e ko a'a. “Akwai mutane kusa da ke? Wayar a buɗe take kowa na ji? Akwai ɗakin da za ki iya komawa?” Aka ba yaya jaririn, mai jego ta koma ɗakin kakarta, ta sa abin sauraro a kunne. Abin kunne yana ɓoye muryar likita ne kawai, ba ya ɓoye ta mara lafiya, don haka sai da aka turo ƙofa. Suka kuma aje wata kalma a tsakaninsu: idan wani ya shigo, za ta ce cajinta ya kusa ƙarewa, likita ta sauya magana.

Likita ma ta juya wayarta ta nuna ofishinta, babu kowa, ƙofa a rufe. Ta ce ba ta naɗar ganawar, kuma ta roƙi kada a naɗa a can. Sannan ta faɗi iyakar sirrin tun kafin a shiga magana: “Duk abin da kika gaya mini yana tsakaninmu da fayil ɗinki. Wuri ɗaya ne zan sa wani a ciki, idan na ga ranki ko na wani yana cikin haɗari. Ko a nan ma ke zan fara gaya wa.” Faɗin wannan tun farko shi ne gaskiya, domin wanda aka yi wa alkawarin sirri mara iyaka, aka zo aka kira danginsa, da wuya ya sake yarda da likita.

Doka tana bayan mara lafiya a nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan mara lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙinsa. Dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Sai dai sirri ba kasafai yake fita ta hanyar da mutane ke tsoro ba. Manhaja irin WhatsApp tana kulle saƙo da kira a kan hanya, ta yadda na tsakiya ba zai karanta ba, amma ba ta hana wanda ya riƙe wayar gani. Hoton takardar magani yana nan cikin hotuna, saƙon tuni yana fitowa a allo ko da wayar a kulle take, sunan da aka ajiye lambar likita da shi kowa na iya karantawa. Wayar nan ta ƙaninta ce, da yamma za ta tafi majalisa ko shagon caji. A garin da jin an taɓa kai yarinya asibitin ƙwaƙwalwa yake iya shafar aurenta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka likita ba ta tura komai a rubuce zuwa wannan wayar ba, abin da aka tattauna kuma a fayil ɗin asibiti ta rubuta shi.

Abin da ya fito bayan an rufe ƙofa

Sai a lokacin ne ganawar ta fara. Mai jego ta ce ba ta barci ko da jaririn ya yi barci, abinci ba ya shiga, tana kuka a ɓoye, tana jin ba ta cancanci zama uwa ba. Likita ta tambaye ta kai tsaye, da murya a kwance, ko takan ji gara ta mutu, kuma ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Iyalai da yawa suna tsoron irin wannan tambaya, suna ganin kamar tuna wa mutum ne. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Matar ta yi shiru, sannan ta ce e, kuma shekaranjiya ta daɗe tana kallon maganinta. An sayo mata na wata biyu kafin ta taho, yana cikin jakarta.

A daidai nan layi ya yanke. Likita ta kira sau biyu, ba ya shiga. Ta kira kawun, ta ce tana cikin magana da 'yarsa aka katse, don Allah ya kai mata wayarsa yanzu. Ba ta gaya masa komai bayan wannan ba. Cikin minti huɗu suka ci gaba. Da ba a karɓi lambar nan tun farko ba, da likita tana zaune a Kano da labari mafi nauyi a hannunta, da adireshin gidan da matar ba ta ciki.

Ta ƙara wasu tambayoyi don bambance abu biyu. Ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji? Ko tana ganin jaririn ba nata ba ne, ko wani abu ya shige shi? Ko tunanin cutar da shi yana zuwa mata? Waɗannan alamun wani ciwo ne daban, rikicewar hankali ta bayan haihuwa, wadda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, galibi a makonni biyun farko, kuma tana buƙatar a kai mace asibiti nan take. Matar ta ce a'a ga duka. Amma tunanin mutuwa tare da magani mai yawa a kusa ya isa a ɗauki mataki a ranar, musamman da yake amitiriftilin yana da haɗari ga zuciya idan ya wuce kima.

Likita ta ce mata: “Ƙanwata, wannan shi ne wurin da na ce zan sa wani a ciki. Ina so mu kira Inna. Ke za ki faɗa mata ko ni?” Ta ce likita ta faɗa. Da tsohuwar ta shigo, likita ta gaishe ta, ta yi mata barka, sannan ta ce: “Inna, 'yarku tana fama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ciwo ne, yana da magani, ba laifinta ba ne. Abu uku nake roƙon ku. Ku karɓi maganin ku kulle, ku riƙa ba ta na dare ɗaya da hannunku. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda za ta iya kai hannu. Kada a bar ta ita kaɗai, kuma yau ɗin nan Kawu ya kai ta babban asibiti.” Ba ta kwashe sauran abin da matar ta gaya mata ta zuba wa uwar ba, iya abin da zai tsare rai ta faɗa. Daga nan ta kira likitan da ke aiki a babban asibitin ta yi masa bayani, ta kuma sa ranar sake kira washegari.

Inda waya ba ta isa ba

Waya ba ta jin zafin jiki, ba ta auna bugun jini, ba ta jin warin abin da mutum ya sha, ba ta taɓa hannu ta ji ko ya sanƙare. Akwai yanayin da bai kamata a tsaya jiran ranar kira ba. Mutumin da ya rikice farat ɗaya cikin sa'o'i ko kwana biyu, bai san inda yake ba, musamman in da zazzaɓi, yana iya zama zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko wata cuta a jini, kuma gwaji yake buƙata. Wanda ya fara sabon magani irin haloferidol, wuyansa ya murɗe ko harshensa ya fito ko idonsa ya kafe sama, illar magani ce da allura ke warwarewa a asibiti. Wanda ya riga ya sha wani abu, ko yake barazana da makami, ko ya daina ci da sha, ba na bidiyo ba ne. Ganin farko ma ya fi kyau a yi shi ido da ido, ko kuma mara lafiya ya zauna a asibitin garinsu tare da ma'aikacin lafiya, ƙwararren ya shigo ta allo. A wannan tsari an maido da kati da hannu da ƙofa gaba ɗaya.

Ga duk iyalin da aka ba ranar ganawa ta waya, shirin bai wuce abin da ke cikin takarda ɗaya ba: katin asibiti a hannu, kwatancen gidan da ake a ranar, sunan asibiti mafi kusa da mai abin hawa, lambar waya ta biyu, duk magungunan da ake sha a ajiye a gaba, da ɗakin da za a iya turo ƙofarsa. Idan likita ya fara da tambayar wane ne, yana ina, da wa yake, a amsa masa dalla-dalla. Idan kuwa bai tambaya ba, mara lafiya ko ɗan'uwansa ya faɗa da kansa, ya ce: “Likita, yau ba a gida nake ba, ga inda nake, ga kuma lambar da za a kira in layi ya yanke.”